Yadda ake raba kuɗin kaya gida huɗu a shafin biya, da inda sabon shiga ke faɗawa

Mai sayayya a shagunan intanet na Saudiyya ya saba ganin Tabby ko Tamara a jere da mada, katin banki na ƙasar, idan ya zo biya. Wanda ke Amurka ko Ostareliya kuma Klarna ko Afterpay yake gani. Dukansu sana'a ɗaya suke yi: ka ɗauki kaya yau, ka biya kashi-kashi. Zan bi tsarin kashi huɗu, don shi ne aka fi amfani da shi, kuma da riyal zan yi lissafin. Buɗe asusu a manhajar ba sai an koya wa kowa ba, lambar waya ce da katin shaida ko iƙama. Inda ake yin ɓarna shi ne 'yan daƙiƙun nan tsakanin danna sunan kamfanin da danna amincewa.

Mataki na farko: gama lissafin kwando kafin ka zaɓi hanyar biya

Ba farashin da ke manne da kaya ake rabawa ba. Jimillar ƙarshe ake rabawa, wato bayan an cire ragi an ƙara kuɗin kawowa. A ce ka saka waya ta riyal 1,049 da abin sauraro na riyal 150. Sun kama 1,199. Kana da lambar ragi ta riyal 100, kuɗin kawowa kuma 25. Jimilla ta zama 1,124. Ita za a kasa huɗu, kowane kashi riyal 281.

A ƙarƙashin hoton wayar shago zai iya rubuta maka kashi huɗu na 262.25. Wannan lissafin wayar ce kaɗai, kada ka riƙe shi a ka. Ka saka lambar ragi, ka zaɓi adireshi da irin kawowar da kake so, sannan ka taɓa hanyar biya. Da zarar shago ya miƙa ka ga kamfanin, jimillar da ya tura ita ce bashinka. Idan ka tuna da lambar ragi daga baya, sai dai a soke oda a sake, kuma kuɗin farko da aka cira yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo katinka.

Mataki na biyu: abin da ke faruwa idan ka danna

Shago zai tura ka shafin kamfanin. Za a aiko maka da lambar tantancewa ta saƙon waya, ka shigar. A cikin wannan ɗan lokacin kamfanin yana duba ko zai ba ka bashin: girman kuɗin, tarihin biyanka a wurinsu, da ko akwai wani kashi da ka makara. Kowace oda hukuncinta daban. An amince maka jiya ba ya nufin za a amince yau, kuma sabon asusu da ƙaramin kuɗi ake fara gwada shi. Don haka ni a wurina doka ce, sayayyar farko ta zama ƙarama, kada a fara da firiji.

Idan an amince, kamfanin ne zai biya shago cikakken kuɗinsa, ya cire ladansa. A ce ladan kashi 6 cikin 100 ne, misali kawai, don kowane shago da yarjejeniyarsa. Daga 1,124 kamfanin ya riƙe 67.44, shago ya karɓi 1,056.56. Daga nan ribar take fitowa, shi ya sa ake iya ce maka babu ruwa a kai. Ka lura da abin da wannan ke nufi: shago ya gama da kai ta fuskar kuɗi. Kaya daga shago suke, bashi kuma na kamfanin ne. Wannan zai dawo mana idan an zo mayar da kaya.

Mataki na uku: jadawalin biya, nan ne wurin tsayawa

Kafin amincewa za a nuna maka layi huɗu, kowanne da kuɗi da kwanan wata. Yawancin mutane kuɗin suke kallo, su ga 281 ba ta da nauyi, su danna. Kwanan watan ne ya kamata a kalla.

Abu na farko, sunan tsarin yana ruɗar mutane. Ana cewa saya yanzu biya daga baya, amma kashi na farko yau ake cire shi, a take, kamar kafin alƙalami. Idan babu 281 a katinka a wannan lokacin, oda ba za ta wuce ba. Kashi uku cikin huɗu kaɗai aka ɗaga maka, wato 843.

Abu na biyu, biya huɗu ba wata huɗu ba ne. Tsakanin biya huɗu tazara uku ce kawai. A tsarin Tabby na wata-wata, idan ka saya ran 20 ga Maris, za a cira 20 ga Maris, 20 ga Afrilu, 20 ga Mayu da 20 ga Yuni. Wata uku ke nan an gama. A tsarin da Klarna ke kira `Pay in 4` a Amurka, haka ma na Afterpay, tazarar mako biyu ce. Wanda ya saya ran 20 ga Maris zai biya 20 ga Maris, 3 ga Afrilu, 17 ga Afrilu da 1 ga Mayu. Mako shida kacal. An tsara wannan ne daidai da ƙasashen da ma'aikata da yawa ke karɓar albashi duk mako biyu. Mai albashin ƙarshen wata da ya shiga irin wannan, albashin Maris ɗinsa ne zai ɗauki biyan 3 ga Afrilu da na 17 ga Afrilu gaba ɗaya. Rabin kuɗin kayan ke nan daga albashi guda, bayan rubu'in da ya riga ya biya.

Abu na uku, ranar da ka danna ita ke kafa sauran ranakun, babu ruwanta da ranar albashinka. Ma'aikacin gwamnati a Saudiyya ran 27 ga wata yake samun albashi. Idan ya saya ran 20, kowane kashi zai riƙa faɗowa mako guda kafin albashi, lokacin da asusu ya fi bushewa, har wata uku a jere. Da ya yi haƙuri zuwa 28, duk biyan sai su faɗo washegarin albashi. Kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, bambancin kwana takwas ne kawai. Idan ba ragin da zai ƙare gobe kake bi ba, ka jira albashi ya shigo sannan ka danna. Ko da ragin ne ma, ka auna ko riyal 100 ta kai wahalar wata uku.

Abu na huɗu, ba kullum kashin ke zuwa daidai wa daida ba. Idan kuɗin ya wuce iyakar da kamfani ya yarda ya ɗaga maka, wasu kamfanoni ba sa ƙin ka, sai su ƙara nauyi a kan biyan farko. A ce iyakar 600 ce. Jadawalin sai ya zama 524 yau, sannan 200 sau uku. Wanda bai karanta layin farko ba sai ya ga saƙon banki an cire kusan ninki biyu na abin da ya zata, ya ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne, an nuna masa kafin ya amince. Idan kuma jimillar ba ta rabu huɗu cif ba, 'yan halalar da suka rage, wato kwabban riyal, ana ɗora su a kan kashi ɗaya, wannan ba abin damuwa ba ne.

Ka ɗauki hoton wannan shafin kafin ka wuce. Yana nan a manhaja, amma hoton ya fi saurin samu.

Mataki na huɗu: katin da ka ɗaura

Katin da ka biya kashin farko da shi, shi za a riƙa cira kai tsaye ba tare da an sake tambayarka ba. Ka ɗaura katin asusun da albashi ke shiga, ba wanda kake zuba wa kuɗi sai ka tuna ba. Ka duba ranar ƙarewarsa: katin da zai mutu a Mayu ba zai biya kashin Yuni ba, ko da asusun cike yake. Ɗaura katin bashi kuma wauta ce, ka biya bashi mara ruwa da bashi mai ruwa.

Idan cirar ta gaza, abin da zai biyo baya ya danganta da kamfani da ƙasa. Kusan kowanne zai tsayar da asusunka har ka biya. Wasu suna ɗora tarar makara, Afterpay ta ƙayyade tata kada ta wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin odar. Mai gudun kuɗin ruwa wannan layin ya kamata ya nema a cikin sharuɗɗa kafin komai, don a kan tarar makara malamai suka fi yin magana. Kada kuma a haɗa wannan tsarin da bashin waya da ake bayarwa a shagunan Najeriya, inda ake ajiye wani abu a biya sauran wata-wata. Wancan yawanci da ƙari a kan farashi, kuma ana iya kulle wayar idan an makara. Hanyar ganewa ɗaya ce, ka tara duk kashin ka gani ko sun yi daidai da jimillar kwando. Huɗu sau 281 ya ba da 1,124, babu ƙari.

Mayar da kaya

Shago ake mayar wa, kamfanin kuma ba ya rage bashi sai shago ya sanar da shi. Kafin nan cira na tafiya kamar yadda aka tsara, don haka kada ka kwashe kuɗin asusu don kawai ka riga ka mayar da kaya. A ce ka mayar da abin sauraron bayan biyan farko, shago ya amince da 150. Saura 843 ta koma 693. Wani kamfani zai raba ta uku, 231 kowanne. Wani kuma daga kashin ƙarshe yake fara zaftarewa, sai ka ga 281, 281, 131, wato wata mai zuwa ba za ka ji sauƙin komai ba. Shago ma yana iya cire rabon ragin da ya faɗa kan abin sauraron, ya mayar da ƙasa da 150. Idan duka odar ka mayar, ana soke sauran kashin a dawo da abin da ka biya, sai dai shaguna da yawa ba sa mayar da kuɗin kawowa, don haka cikin 281 ɗinka 256 za ka iya gani.