Yadda Ake Haɗa Wayar Makirufo da Kan XLR

Wayar makirufo tana da silli biyu a ciki da ragar tagulla da ta lulluɓe su. Fara zura murfin kan XLR, wato kan wayar makirufo mai fil uku, a jikin wayar, domin idan ka manta sai ka warware aikin duka. Feɗe robar waje kamar santimita 2, ka murɗe ragar ta zama silli guda, sannan ka feɗe bakin sauran biyun milimita 3 ka shafa musu dalma.

Ragar tana zuwa fil na 1, jan silli na 2, ɗayan na 3. Haka za ka yi a ɗaya ƙarshen, amma duba lambobin da ke jiki, saboda jerin fil na namijin kai kishiyar na macen kai ne. Gwada da mita: kowane fil ya isa takwaransa kaɗai.

Sillin 2 da 3 suna ɗauke da sauti ɗaya, ɗayan a juye. Duk gurnanin wuta da wayar ta kwasa yana shiga biyun daidai, mikisa ta soke shi. Jak na kwata inci irin na gita silli ɗaya gare shi da raga, shi ya sa doguwar waya ke gurnani. Mai zobe biyu, TRS, yana iya soke gurnanin, sai dai ba ya kullewa, kuma makirufon kondensa ta XLR yake samun wutar 48V.