Ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya ba tare da ciwo ba: kurakuran da aka fi yi

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwar albasa a Jega, mai shekara 58, wanda ke da hawan jini amma ba ya shan magani sai ranar da kansa ya yi nauyi. Yana cikin alwalar Azahar sai idonsa na dama ya yi duhu kamar an kashe fitila. Idon bai yi ja ba, ba ya zafi, ba ya hawaye, saboda haka ya ce gajiya ce, ya aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa, ya bar zuwa asibiti sai bayan cin kasuwa.

Kuskuren farko shi ne auna girman matsala da zafinta. Tantanin da ke can bayan ido, wanda likitoci ke kira retina, ba ya jin ciwo, kuma jijiya ɗaya siririya ce ke kai wa mafi yawansa jini. Idan ɗan gudan jini ko ɓarɓashin kitse ya ɓalle daga babbar jijiyar wuya ko daga zuciya ya toshe ta, tantanin yakan fara mutuwa cikin ɗan lokaci, bayan kamar awa 4 kuwa ɓarnar ba ta cika gyaruwa ba. Maganin ɗigawa da kwalli ba sa isa wurin. Abin yi shi ne a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a gwada ɗayan, domin a tabbatar da wanda ya daina gani, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, sannan a nufi sashen gaggawa na babban asibiti a Birnin Kebbi nan take. Riƙe lokacin ba wasa ba ne, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake tunanin yin ta, kuma ko an yi ba a da tabbacin gani zai dawo.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne ɗaukar abin a matsayin ciwon ido kawai. Jijiyar ido reshe ce ta jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, don haka inda ɓarɓashin farko ya fito, daga nan na biyu zai iya fitowa ya wuce ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin ya fi yawa a kwanaki da makonnin farko. A ganina nan ne iyalai suka fi yin sake: da zarar likitan ido ya leƙa, ya ga bayan idon ya yi fari da ɗan jan ɗigo a tsakiya, ya ce da wuya ganin ya dawo, sai a ce ƙaddara ce a koma gida. To amma a lokacin ne aikin tsare ƙwaƙwalwa ke farawa. Ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, da hoton jijiyoyin wuya, da gwajin bugun zuciya, da awon hawan jini, suga da kitsen jini. Idan babu na'urar a kusa, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato. In aka ga jijiyar wuyan ɗan kasuwar nan ta tsuke da kashi 70 cikin ɗari ko fiye, akan yi maganar tiyata, an kuma fi so a yi ta cikin mako 2. In kuwa bugun zuciyarsa ne ba ya tafiya daidai, maganin hana daskarewar jini da za a ba shi ya bambanta da asfirin, shi ya sa bai kamata mutum ya rubuta wa kansa magani ba.

Akwai kuma wanda ganinsa ke ɗaukewa na minti 5 ko 10, kamar an saki labule, sannan ya dawo garau, sai ya yi hamdala ya manta. Wannan ma toshewa ce da ta buɗe da kanta, kuma binciken da take buƙata a ranar daidai yake da na wanda ganinsa bai dawo ba.

Wanda ya haura shekara 50 kada ya ɓoye wa likita ciwon kai a gefen goshi, ko gajiyar muƙamuƙi lokacin tauna, domin suna iya nuna kumburin jijiyoyin jini, wanda kan kama ɗaya idon cikin kwanaki idan ba a fara magani da wuri ba. Matashi mai sikila shi ma ya faɗa wa likita cewa yana da ita tun daga ƙofa.

Mutane da yawa kan daina komawa wurin likitan ido tunda idon ya riga ya tafi. Amma cikin makonni ko watanni kaɗan, wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari na iya tsirowa a cikinsa su haddasa hawan jinin ido, idon da a da ba ya ciwo ya koma yana hana barci. Ana iya kama wannan tun bai yi nisa ba idan an je ranar da likita ya sa.