Babi na 7: Girman inji da abinda mota zata ci maka a shekara

Darasi na ɗaya

Motoci biyu zamu kwatanta, Toyota Corolla mai inji 1.8 da Camry ɗin nan da ake cewa mozul, mai inji 3.5. Ka buɗe bonet ka duba cikin murfin, yawancin motocin kwatano da suka fito daga Amurka akwai ƴar takarda a manne, a jiki zaka ga 1.8 L ko 3.5 L. Wannan lambar ba girman tankin mai bace, na sha ganin ɗalibai sun ɗauka haka. Girman cikin silindojin inji ne idan an haɗa su, L ɗin kuma lita take nufi. A takardun mota wani lokaci da cc ake rubutawa, to 1.8 shine kusan 1800cc, 3.5 kuma kusan 3500cc. Bakanike zai ce maka Corolla fulogi huɗu ce, Camry ɗin fulogi shida, yawan silindojin yake nufi.

Darasi na biyu, mai

Anan kuɗin yake, don haka mu bi a hankali. Mu ƙaddara a cikin gari Corolla tana shan lita 9 a kilomita 100, Camry kuma lita 12. Misali ne, taka zata iya fin haka idan kana kunna AC ko kullum kana cikin cunkoso. Mu ce kana yin kilomita 1,000 a wata, litar mai kuma mu sa ta naira 1,000 don lissafi yayi sauƙi, kai sai ka sa farashin gidan man unguwarku.

Kafin komai ka raba kilomitan da 100. Wato ka goge sifili biyu na ƙarshe. 1,000 idan ka goge sifili biyu saura 10. Rubuta 10 ɗin a gefe. Yanzu ne zaka ninka, 10 sau 9 lita 90 kenan, shan Corolla a wata. Na Camry fa? Koma farko, 1,000, goge sifili biyu, saura 10, sai 10 sau 12, lita 120.

Idan ka samu lita 9,000 kada ka damu, kusan kowa anan yake tuntuɓe, sifilin ne baka goge ba. Sake. Ɗauki kilomita 800, rufe sifili biyun da yatsa, me ka gani? 8. To 8 sau 9, lita 72. Madalla. Ɗauki 1,500, rufe biyun ƙarshe, 15, sau 12 lita 180. Biyu kawai, ba uku ba, ba ɗaya ba. Ni dai na rasa dalilin da yasa wasunku suke rugawa kalkuletan waya tun basu goge ba, sannan a kawo min lita dubu tara a wata ɗaya, kai tanka kake tuƙawa? A goge tukunna, sannan a ninka.

Bambancin 120 da 90 lita 30 ne a wata. Sau 12 ya zama lita 360 a shekara, a farashin misalinmu naira 360,000. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 wannan lissafin ya fi ƙarfin wasa.

Darasi na uku, inshora

Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta a Najeriya, wadda take biyan wanda ka yiwa ɓarna, hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da ita naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, kuma Corolla da Camry duk ɗaya suke biya, babu ruwanta da inji. Babbar, mai gyara maka taka motar, da darajar motar ake lissafa ta, aƙalla kashi 5 cikin ɗari. Idan an yiwa Corolla kuɗi miliyan 6, naira 300,000 kenan, Camry idan miliyan 8 ce 400,000. Tsadar motar ce ta kawo ƙarin. Ƴan uwanmu na Nijar su kula, a can ƙarfin dokin da aka rubuta a katin mota yana shiga lissafin inshora da na harajin shekara.

Darasi na huɗu, lasin

Kuɗin sabunta lasin mota aji-aji ne bisa girman inji, Camry tana ajin sama. Kowace jiha da farashinta, ka je ofishin lasin da lambobin nan biyu, 1.8 da 3.5, ka tambaya. Bambancin bai kama ƙafar na mai ba.

Aikin gida

Motoci biyu, lita 8 da lita 11, kilomita 1,200 a wata. Fitar da bambancin shekara, a kawo ranar Asabar.