Yadda ake taƙaita dogon jawabi ba tare da an cusa wa mai shi magana a baki ba

A ce an miƙo maka rubutaccen jawabi mai shafi goma, aka ce a mayar da shi sakin layi biyu kafin labaran yamma. Abin da ya fi ba da wahala shi ne wanda ya karanta taƙaitawarka ya san me mutumin nan ya ɗauki alkawarinsa, da wace murya ya faɗa, kuma wane dalili ya gabatar kafin wane. Bari mu yi aikin da jawabin da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu, 2023, a dandalin Eagle Square da ke Abuja.

1. Tabbatar da wane rubutu ne a hannunka

Rubutu iri biyu ne ke yawo bayan kowane babban taro: wanda hadimai suka shirya suka raba wa 'yan jarida, da wanda aka kwafo daga abin da ya fito daga bakin mai jawabi. Ba kullum suke zama ɗaya ba. A rubutun da aka raba a wannan rana, sashen tallafin man fetur yabo ne ga gwamnati mai barin gado kan shawarar janye tallafin. Amma a kan mumbari shugaban ya faɗa kai tsaye cewa tallafin mai ya tafi, kuma wannan jimlar ce ta haddasa dogayen layuka a gidajen mai tun a ranar. Cikin kwana biyu lita ta haura naira 500 a Abuja. Wanda ya taƙaita takardar kawai ya rasa labarin ranar. Saboda haka ka kunna faifan, takarda a gabanka, biro a hannu, kana yin alama duk inda baki ya saɓa wa rubutu.

2. Karanta sau ɗaya, sannan ka fitar da ƙashin bayan jawabin

Karatun farko kada ka rubuta komai. A na biyu, ka rubuta kalma biyu ko uku a gefen kowane sashe. Na wannan jawabi zai fito haka: godiya da yabon Muhammadu Buhari, miƙa hannu ga waɗanda ba su zaɓe shi ba, ƙa'idojin mulki, tsaro, tattalin arziki, ayyukan yi, noma, ababen more rayuwa, tallafin mai, harkar kuɗi, hulɗa da ƙasashen waje. Wannan jeri shi ne igiyar da za ka shanya sauran aikin a kai.

3. Tsamo alkawura, kowanne da nauyinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ɓarna. Ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke maganar abin da zai faru nan gaba, sannan ka tambayi kowace: wa zai yi, me zai yi, nawa, zuwa yaushe, da wane sharaɗi?

Duba jimloli huɗu daga jawabin. Kan ayyukan yi, ya ce gwamnatinsa za ta cika alkawarin yaƙin neman zaɓe na samar da sababbin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani. Wannan cikakken alkawari ne, akwai mai yi, akwai adadi. Kan lantarki kuwa, cewa ya yi ya kamata wutar da ake samarwa ta kusan ninkawa. "Ya kamata" fata ne, "kusan" kuma ta rage adadin. Idan ka rubuta "ya yi alkawarin ninka wutar lantarki", ka yi masa ƙari sau biyu a jimla ɗaya. Kan canjin kuɗi, ya ce dole Babban Bankin Najeriya ya yi aiki don a samu farashin canji guda ɗaya: umarni ne ga wata hukuma. Kan sauya fasalin naira, ya ce za a sake duba tsarin, kafin nan kuma tsoffi da sababbin takardun kuɗi duk za su ci gaba da aiki. "Sake dubawa" ba "sokewa" ba ce.

Hausa tana da kayan aikin da za ta bambanta waɗannan duka: zai yi, ya kamata a yi, dole a yi, za a duba, yana fatan. Tunda yawancin jawaban Abuja da Turanci ake yinsu, na Yamai kuma sau da yawa da Faransanci, wurin juyowa zuwa Hausa ne nauyin ke zamewa. Na taɓa mayar da "za mu duba yiwuwar" wani shugaban ƙaramar hukuma zuwa "za mu gina", don in rage kalmomi. Mako bai cika ba mutanen ƙauyen suka aiko suna tambayar ranar da za a kawo siminti.

Wani abin lura: idan mai jawabi bai sa wa alkawari wa'adi ba, kai ma kada ka sa. Rashin wa'adin ma labari ne, kana iya cewa "bai faɗi lokaci ba".

4. Bar hujja a jerin da ya kawo ta

Mai aikin labarai ya saba ɗora abu mafi zafi a sama, kuma hakan daidai ne a kanun labari. Taƙaita jawabi kuwa wani aiki ne daban. Maganar tallafi hawa uku gare ta: tallafin ya fi amfanar masu hali a kan talakawa, kuɗinsa na ta ƙaruwa alhali abin hannun gwamnati na raguwa, don haka za a karkatar da kuɗin zuwa ababen more rayuwa da ilimi da lafiya da ayyukan yi. Ka riƙe ƙananan kalmomin da ke ɗaure su, irin su "domin", "amma", "don haka", "maimakon haka". In ka zubar da su, hujja ta koma jerin kayan cefane.

5. Kama murya

Muryar mai jawabi tana ɓuya ne a cikin fi'ilin da ka zaɓa. "Ya ce" ba ta da gefe. "Ya yi iƙirari" tana nuna shakka, "ya caccaki" tana nuna faɗa, "ya amince cewa" tana nuna kamar an matsa masa. Da ya taɓo sauya fasalin naira, shugaban ya ce Babban Banki ya tsaurara wajen aiwatarwa, don haka "ya soki yadda aka aiwatar" ta isa. Idan za ka ɗauko kalmominsa kai tsaye, jimla ɗaya gajera ta wadatar. Gaisuwar manyan baƙi da tafi da maimaici duk su tafi.

6. Rubuta, sannan ka gwada

Ga yadda tsakiyar taƙaitawar za ta iya fitowa:

"Bayan ya miƙa hannun haɗin kai ga waɗanda ba su zaɓe shi ba, shugaban ya fara da tsaro, sannan tattalin arziki. Ya ce ya kamata wutar lantarki ta kusan ninkawa, ya kuma sabunta alkawarin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani. Ya bayyana cewa tallafin mai ya tafi, domin a cewarsa ya fi amfanar masu hali kuma kuɗinsa ya yi yawa, ya ce za a karkatar da kuɗin zuwa ilimi da lafiya da ababen more rayuwa da ayyukan yi."

Gwajin ba shi da wuya. Ɗauki kowace jimla taka, ka ɗora yatsa a kan inda ta fito a cikin asalin jawabin. Wadda yatsa ya rasa wurin sauka, ra'ayinka ne, ka cire ta. Daga nan ka ba abokin aiki wanda bai ji jawabin ba ya karanta, ka ce ya lissafo maka alkawuran. In ya ce "zai ninka wuta", koma mataki na uku.