Tallan Sallah daban, tallan sabuwar shekara daban: kurakuran da 'yan kasuwarmu na Saudiyya suka fi yi

Yawancin masu sayar da turare, atamfa, dabino ko abincin gida a Jidda da Makka da Madina rubutu guda suke da shi na talla. Idan lokaci ya zo sai a canza layin farko kawai, a cire "Barka da Sallah" a sa "Barka da sabuwar shekara", a tura WhatsApp. Nan matsalar take, domin a ranar Idi mai karatu yana jiran gaisuwa ne daga ɗan'uwa, a ranar da ba ta addini ba kuwa farashi yake nema daga ɗan kasuwa. Wanda ya haɗa muryoyin biyu yakan rasa duka.

Mu ɗauki mai shagon turaren wuta da humra a Jidda, wadda take sayar da kwalba riyal 120 kuma tana so ta rage zuwa 95. Ga irin abin da aka saba gani a goman ƙarshe na azumi:

"GARAƁASAR SALLAH!!! Taƙabbalallahu minna wa minkum, humra ta faɗo riyal 95 kacal! Yi sauri kafin ta ƙare! Kada a bar ki a baya!"

Laifi na farko shi ne addu'a da farashi sun zauna a jimla ɗaya. Addu'ar neman karɓar ibada ce, mutane suna faɗa wa juna bayan sun yi wata guda suna azumi, sai ga ta ta zama share fagen riyal 95. Mai karatu ba lallai ya iya bayyana abin da ya dame shi ba, amma zai ji an yi ciniki da abin da ba na sayarwa ba. Laifi na biyu shi ne gaggawar. "Yi sauri" da "kada a bar ki a baya" kalmomi ne na tsoratarwa, kuma a dararen da ake neman Lailatul Ƙadari ba su da daɗin ji.

Gyaran shi ne a raba saƙon gida biyu, a kuma raba musu rana. Na ciniki ya fita tun wajen 20 ga Ramadan, lokacin da mata ke haɗa kayan Sallah, da murya mai natsuwa:

"Hajiya, barkanmu da shan ruwa. Humrar Sallah ta iso, kwalba riyal 95 maimakon 120, har zuwa daren Sallah. Muna kaiwa gida a cikin Jidda bayan Tarawi."

Na ranar Idi kuwa gaisuwa ce zalla, babu farashi, babu hoton kaya: "Barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana." Sai sunan shago a ƙasa. Wasu na ganin wannan asarar saƙo ce tunda ba a tallata komai ba. A gaskiya shi ne saƙon da ake amsawa da "Amin, na gode", kuma wadda ta amsa ba ta cika toshe lambar shago ba idan na ciniki ya zo daga baya.

A lura cewa wa'adin ragin yana nan a rubutun da aka gyara. Faɗin ranar da ragi zai ƙare bayani ne mai amfani, abin da ake gudu shi ne a mai da shi bulala. Sai kuma sa'ar turawa: kada saƙo ya shiga waya dab da buɗe-baki ko ana tsakiyar Tarawi da Tahajjud. Kada kuma a rubuta "gobe take Sallah" kafin Kotun Ƙoli ta Saudiyya ta sanar da ganin wata. Mai abokan ciniki a Kano ko Zinder ya tuna cewa ranarsu tana iya bambanta da ta nan, don haka ya ware jerin lambobinsu daban.

Babbar Sallah ta fi buƙatar taka-tsantsan, musamman ga masu sayar wa alhazai tsaraba. Ranar Arfa, 9 ga Zulhajji, ba ranar tura talla ba ce ko kaɗan. A jira a sauko daga Mina, sannan a fara da "Allah ya sa karɓaɓɓe ne", a kawo maganar kaya a wani saƙon. Mummunan kuskure kuma shi ne yi wa mai saye alkawarin lada, kamar a ce "sayi dabinonmu ka samu ladan ciyarwa". Ɗan kasuwa na iya cewa katan ɗin ya dace da rabon buɗe-baki, ya faɗi kilo nawa ne da kuɗinsa. Lada kuwa ba a hannunsa yake ba.

A ranakun da ba na addini ba, kuskuren yakan juya. Mutum ya saba da muryar Sallah, sai ya cika tallan 1 ga Janairu da dogayen addu'o'i, har da aya, farashin kuma ya ɓuya a layi na shida. A nan farashi ne ya kamata ya zo farko, kuma an yarda da raha da karin magana:

"Sabuwar shekara, sabon ƙamshi. Humra riyal 95 maimakon 120, daga 28 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

Abin da za a kiyaye shi ne kalmar "Idi" da kalmar "Sallah". Da yawa daga malaman Saudiyya suna kan cewa Idin Musulunci biyu ne, kuma cikin masu sayen kayanmu akwai waɗanda ba sa taya murnar shekarar miladiyya sam. Saboda haka "ragin ƙarshen shekara" ya fi "bikin sabuwar shekara" tsira, domin yana magana a kan kalanda da kaya, bai tilasta wa kowa yin biki ba. Shigowar Muharram kuma tsaka-tsaki ce: gajeriyar addu'ar fatan alheri ta wadatar, ba a yi mata kirarin Sallah.

Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, su ne manyan lokutan ragi a nan, kuma muryarsu ta farin ciki ce da girmamawa. Shaguna sun saba daidaita farashi da lambar shekarar bikin. A 2025 an yi ta 95, don haka a waccan shekarar da riyal 95 na humrar nan ya zauna daram. Amma akwai tarko biyu. Na farko, a daina haɗa ranakun: ta Satumba tana tuna haɗe ƙasar a 1932, ta Fabrairu kuma kafuwar daular farko a 1727. Na biyu, tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, kuma Ma'aikatar Kasuwanci ta hana amfani da ita a kan kaya da tallace-tallace. Koren launi ya isa. Wannan dalilin ne ma ya sa bai kamata a buga aya ko hoton Ka'aba a takardar talla ko leda ba, tunda ƙarshensu kwandon shara ne. Baƙo mai zama da igama ya tsaya a kan taya murna da godiya, ya bar barkwanci da duk abin da ya shafi tuta ko shugabanni.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa ko wace rana ce, wato gaskiyar lamba. Shago mai rajista yana buƙatar izinin Ma'aikatar Kasuwanci kafin ya shelanta ragi, kuma sai ya nuna farashin da da na yanzu. Kuɗin da aka rubuta ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100. Idan an rubuta 95, mai saye ya zo aka ce masa 109 da 'yan halaloli, rigima ce a kowane wata, amma a tallan da aka buɗe da "barka da shan ruwa" ta fi ciwo.