Magani Ba Bashin Azumi Ba Ne: Kurakuran da Ake Yi Bayan An Manta da Shan Ƙwaya

Mu mutane ne da muka taso da sanin ramuwa. Wanda ya sha azumi zai rama, wanda barci ya kwashe har rana ta fito zai tashi ya rama asuba. To wannan tarbiyyar ce take bin mu har wajen kwalin magani. Mutum ya farga jiya bai sha ƙwayarsa ba, sai zuciyarsa ta ce masa ana binsa bashi, ya ɓallo biyu ya kora da ruwa. A yawancin magungunan da ake sha kullum, mantuwar yini ɗaya ba ta yin wata babbar ɓarna. Ramuwar ce take kai mutane gadon asibiti.

Na ga haka da idona a kan kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, wanda yake harkar kayan gwari a kasuwar Farin Gada a nan Jos. Yana da hawan jini da ciwon suga. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali don kowa ya iya duba nasa: kowace safiya yana shan amlodipine miligiram 10 don hawan jini, da glibenclamide miligiram 5 don suga, sai metformin, shi ma na suga, safe da dare.

Wata Litinin cikin hunturu aka kira shi tun kafin asuba cewa motar tumatir ta iso. Ya fita a gurguje, bai sha komai ba, bai kuma tuna ba sai safiyar Talata da ya ga kwalayen a kan tebur. Ya sha bibbiyu daga kowanne, ya bi da shayi marar suga, ya fice bai karya ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya yaron shagonsa ya ga gumi na tsiyaya a goshinsa, ga shi kowa yana cikin rigar sanyi. Hannu yana karkarwa, magana ta fara harɗewa. Maƙwabta suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taimaka wani mai kemis da ke kusa ya zo da na'urar awon suga, ta nuna 52. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ce, a na'urorin da ke amfani da wani ma'aunin daban kuma ƙasa da 3.9.

Aka ba shi rabin kwalbar lemo mai zaƙi, cikin kwata ya dawo hayyacinsa, aka ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Nan aka yi kuskure na biyu. Glibenclamide matsa wa jiki yake yi ya fitar da sinadarin da ke sauke suga, ko akwai abinci a ciki ko babu, kuma aikinsa yakan kai yini guda, ya ma fi haka ga dattijo ko mai raunin ƙoda. Lemo kuwa ɗan lokaci yake riƙewa. Bayan la'asar sugan ya sake faɗuwa. A daidai wannan lokacin amlodipine ɗin ma ya kai ƙololuwar ƙarfinsa, domin shi sai bayan awa 6 zuwa 12 da sha yake cika a jini, kuma miligiram 20 Kawu ya sha alhali iyakar abin da ake bayarwa a yini 10 ne. Ya miƙe zai yi alwala jiri ya kayar da shi. Sai da ya kwana a asibiti ana masa ƙarin ruwa mai suga.

Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, me ya sa kuka sha biyu?"

Ya ce, "To ɗana, likita ya ce kada in kuskura in tsallake ko rana ɗaya. Na ga na tsallake, shi ne na cike."

Bai yi don ganganci ba, biyayya ce ta kai shi. An faɗa masa kada ya tsallake, amma babu wanda ya faɗa masa abin da zai yi ranar da ya tsallake.

Abin da ya kamata ya yi

Ga ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, agogo ake dubawa. In ba a yi awa 12 da wucewar lokacin ba, a sha da zarar an tuna, gobe kuma a koma lokacin da aka saba. In an wuce haka, ta yau ta tafi ke nan, a bari sai lokaci na gaba a sha guda ɗaya. Mai shan amlodipine da bakwai na safe, in ya tuna da azahar ya sha. In sai bayan isha'i ya tuna, ya kwanta abinsa. Hankali kuma ya kwanta, domin wannan maganin yana daɗewa a jiki: sai an yi kwana ɗaya da rabi zuwa biyu kafin rabinsa ya fita daga jini. Wanda ya yi watanni yana sha, na shekaranjiya ma yana nan yana aiki. Shi ya sa mantuwar yini guda ba ta cika sa jini ya hau farat ɗaya ba, shi ya sa kuma ninkawa take zama ƙari a kan abin da bai ƙare ba.

Wannan lissafi na awa 12 ƙa'ida ce ta gama-gari, takardar da ke cikin kwali ko maganar likitanka ita ce gaba da shi. Kuma kuskure ne a ɗora shi a kan kowane magani. Maganin suga irin glibenclamide da gliclazide da abinci aka ɗaure su, ba da agogo ba. In karin kumallon da ake sha da shi ya wuce, a bar wannan ƙwayar, a jira lokacinta na gaba, a ɗan kula da abin da za a ci ranar. Suga ya ɗan hau na yini ɗaya abu ne da jiki zai jure. Faɗuwarsa kuwa tana iya sumar da mutum cikin 'yan mintuna. Metformin shi kaɗai bai cika kayar da suga haka ba, ninka shi ya fi jawo tashin zuciya da gudawa, amma shi ma ba a rama shi.

In an riga an ninka maganin suga, a ci abinci mai riƙe ciki nan take, tuwo ko gwate ko masa, a riƙa auna suga, kada a tuƙa mota ko babur, kada a zauna shi kaɗai, a kuma kira likita tun alama ba ta bayyana ba. In gumi da karkarwa da yunwa mai tsanani suka zo, a jiƙa ƙaramin cokali uku na suga a ruwa a sha, a sake aunawa bayan minti 15, a bi da abinci, sannan a tafi asibiti ko da an ji sauƙi. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a ɗauke shi.

Waɗanda ba su da sassauci ko kaɗan

Akwai magungunan da tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa a cikinsu siririya ce. Warfarin, maganin tsinka jini da ake ba waɗanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya ko waɗanda jini ya taɓa daskare musu a jijiya, yana kan gaba. Galibi da yamma ake shansa. In an tuna kafin sha biyun dare a sha, in gari ya waye a bar na jiya, a rubuta ranar, a faɗa wa masu awon jinin a zuwa na gaba. Illar ninka shi ba ta fitowa a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku, kuma wannan jinkirin ne yake yaudarar mutane. Jini daga dasashi, haɓon da ya ƙi tsayawa, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ciwon kai mai tsanani, duk na asibiti ne a take.

Digoxin na ciwon zuciya ma haka yake: yawansa yana kawo amai, bugun zuciya ya rikice, wani har ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya. Atenolol na hawan jini da ciwon zuciya da danginsa, in aka ninka, suna rage bugun zuciya har mutum ya yanke jiki. Masu maganin farfaɗiya kuwa su tambayi likitansu ƙa'idar nasu tun yau, domin a wurinsu mantuwar ma tana da haɗari, ninkawar ma haka.

"Ban tuna ko na sha ba"

Wannan ma yana yawan faruwa, musamman ga iyayenmu tsofaffi. Hajiya ta idar da sallah, aka yi sallama, aka sha hira, ta dawo tana kallon kwali ba ta san ko ta ɓalla ba. Da yawa sai su ce bari in ƙara don in tabbata. A maganin suga, na zuciya da na tsinka jini, in ana shakka a ɗauka an sha. Wani lokacin ma a gida ake ninka wa tsoho ba da sani ba: 'yarsa ta ba shi kafin ta tafi aiki, matarsa ta sake ba shi bayan karin kumallo. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe wannan aikin. Ɗan akwatin roba mai gida bakwai da ake sayarwa a kemis yana kashe wannan gardamar, ana buɗewa an ga ko gidan Talata da ƙwaya ko wayam. Wanda bai samu ba ya rubuta ranakun mako da biro a bayan katin maganin, kowace ƙwaya da ranarta.

Wanda kuma ya yi kwana uku ko mako bai sha ba, don tafiya ko don kuɗi sun yanke, nasa ya wuce mantuwa. Ya je a auna shi a faɗa masa yadda zai koma.

Inda shan biyu yake daidai

Ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu ta saɓa wa duk abin da na faɗa, kuma mata da yawa suna yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren, su tsallake alhali sha ya kamata su yi. In kin manta guda ɗaya, ki sha ta da zarar kin tuna, ki kuma sha ta yau a lokacinta, ko da hakan ya sa kin sha biyu a rana ɗaya. Kariyarki tana nan. In biyu ko fiye kika manta, ki sha ta ƙarshen da kika manta kawai, ki ci gaba kamar kullum, ku yi amfani da kwaroron roba ko ku dakata har kwana 7. In a makon farko na katin abin ya faru kuma kun sadu da maigida, ki je asibiti da wuri.

Mai sinadari ɗaya, wadda aka fi ba masu shayarwa, tsohon nau'inta awa 3 kacal yake ɗaga ƙafa. In kin wuce haka ki sha nan take, ku kiyaye na kwana 2. Akwai sabon nau'i mai ba da awa 12, don haka ki nuna wa ma'aikaciyar asibiti katinki ta faɗa miki wanne ne a hannunki, ta rubuta miki awannin a jikin kwalin.