Yadda za ka duba wayar hannu da aka taɓa amfani da ita kafin ka biya

Kafin ka miƙa kuɗi a Farm Centre ko wata kasuwar waya, fara danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali.

Sai batir. A iPhone shiga Settings > Battery > Battery Health. Ƙasa da kashi 80 na nufin batirin ya gaji, ka nemi ragi.

Daga nan ƙure haske, ka buɗe farin hoto. Idan ka ga inuwar tsofaffin rubutu ko alamar batir a sama, gilashin ya ƙone, kuma gyaransa sai canji.

Zare tiren sim ka haska ramin. A iPhone, jan ɗigo alamar ruwa ya taɓa shiga.

Kada ka tafi sai mai ita ya cire asusunsa na iCloud ko Google a gabanka.